Roƙon Sake Miƙa Aikin Gida Kan Adadin Kamuwa da Cuta

Assalamu alaikum, Malam,

Ina rubuto wannan takarda ne game da aikin da na miƙa kan ɓarkewar amai da gudawa bayan walimar biki, inda na yi kuskure wajen lissafin adadin kamuwa. Na raba mutane 30 da suka kamu bayan cin dambun nama da dukkan mahalarta 200, sai na samu kashi 15 cikin ɗari, alhali kamata ya yi in raba da mutane 75 da suka ci dambun kaɗai, wanda zai ba da kashi 40. Wannan kuskure ya sa na wanke abincin da ya fi cancantar zargi.

Ina roƙon Malam ya ba ni dama in sake miƙa gyararren aikin ranar Litinin.

Ɗalibarka,
Hauwa'u Sani