Taƙaitaccen Babi na Uku: Tsarin Sauti

'Yan aji, ga abin da za ku riƙe kafin jarrabawar Litinin a Samaru.

Tsarin sauti shi ne nazarin yadda sautukan harshe ke haɗuwa su ba da ma'ana. Ƙwayar sauti kuwa ita ce wadda in an musanya ta, ma'ana ta sauya: kafa da ƙafa.

Wasula biyar ne, kowanne da gajere da dogo, sai tagwai, ai da au. A nan ake yawan faɗuwa, domin rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawo: gàrii na zama, gàarii na tuwo. Haka karin sauti, wato hawa da saukar murya: kuukaa na hawaye, kuukàa ta miya. Ku furta da ƙarfi, ido kaɗai ba zai fisshe ku ba.

Gaɓa iri uku ce: BW, BWW, BWB, inda B ke nufin baƙi, W kuma wasali.

Naso: sauti ya ɗauki kamannin maƙwabcinsa, "gidan Bala" ya fito "gidam Bala". Ganɗantawa: t, s, z su koma c, sh, j kafin i ko e, kamar mota, motoci.

Gwaji: Raba Zazzau da Samaru gaɓa-gaɓa. Me ya faru a kaza, kaji? Yaya ake furta n ɗin "Tudun Wada"?