Mulkin En'e da gadon da ya bar wa Bauchi da Gombe

Da Turawa suka shiga Bauchi a 1902, sai suka tuɓe Sarki Umaru suka naɗa wani. Sarauta ta ci gaba, amma daga ranar sandar girma daga hannun Gwamna take fitowa. Ga tushen ikon da gwamnonin jihohi ke riƙe da shi yau na naɗa sarki ko sauke shi.

A tsarin En'e, wato hukumar sarakuna da Turawa suka yi mulki ta hannunta, an fitar da hakimai daga birni an zaunar da su a gundumomi don tara haraji da jangali, kuɗin na shiga baitulmali, sarki da alƙali da ɗan doka kowa na kan albashi. A Gombe har hedikwata aka sauya, zuwa Nafada a 1913, sannan Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Tsari idan ya zama abin cin abincin mutane, rushe shi sai an sha wuya. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nemi a gyara En'e a majalisar Kaduna a 1950, amma sai a 1976 ƙananan hukumomi suka gaje ta, galibi bisa iyakokin tsofaffin gundumomi, kuma har yau sun fi kallon sama fiye da talaka.

A ganina batun ƙasa ya fi komai nauyi. Dokar 1910 ta damƙa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, dokar 1978 ta bi sawunta. Shi ya sa manomi a Darazo, duk da shaidar mai unguwa cewa gonar ta kakansa ce, takardar hukuma yake nema kafin banki ya saurare shi.