Rahoton Taron Ƙungiyar Ci Gaban Unguwa, Gwammaja

An yi zaman ranar Asabar, 10 ga Mayu 2025, bayan La'asar, a zauren Mai Unguwa. Mutum 23 suka halarta. Malam Liman ya buɗe da addu'a, aka karanta rahoton zaman baya, aka amince.

Maganar kwata ce ta ci mafi yawan lokaci. Shugabar Mata ta ce leda da yashi sun toshe babbar kwatar bayan masallaci, har ruwan wanki na komawa cikin gidaje. Bara ma nan katangar Islamiyya ta zube, ga damina kuma ta ƙarato. Wasu sun so a ɗauko leburori, amma Ma'aji ya ce naira 84,000 kacal ke asusu. An yanke a yi aikin gayya ranar tsaftar muhalli, Asabar 31 ga Mayu, ƙarfe 7 na safe. Shugaban Matasa zai tara mutane. Ma'aji zai fitar da naira 30,000 na hayar baro da shebur kafin 24 ga wata. Ni Sakatare zan kai wa hukumar kwashe shara ta jiha takarda ranar Litinin, domin in dattin ya kwana a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi.

Kuɗin 'yan sintiri ya koma naira 1,000 kowane gida a wata daga Yuni. An yafe wa gidajen marayu. Mataimakin Shugaba zai karɓa ya ba da rasit.

An ɗage batun famfon burtsatse zuwa zaman 14 ga Yuni. An tashi dab da Magariba.

Sa hannu: Shugaba da Sakatare