Halin da ake ciki kan sabuwar manhajar zubi: Laraba, ƙarfe 4 na yamma

Zuwa ga Shugaba, Hajiya shugabar sashen kuɗi, sashen kula da kwastomomi da masu kula da ejan-ejan na kasuwanni

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Mun dakatar da raba sabuwar manhajar, 3.2.0, tun jiya Talata da ƙarfe 11 na safe, kuma ba za ta isa ga kowa da kowa ranar Juma'a ba kamar yadda aka tsara. Kuɗin kowa bai ɓata ba. Matsalar a lissafi take, mun gano tushenta, kuma mun san iyakar inda ta taɓa.

Ranar Litinin mun saki manhajar a Play Store ga kashi 10 cikin 100 kawai, ta sauka a wayoyin ejan 41 cikin 412. Da yamma wata ejan a Kantin Kwari ta zo miƙa kuɗin ranar, hannunta ₦86,000, manhaja kuma na neman ₦91,000 a wurinta. Da aka bi rasit ɗaya bayan ɗaya, sai ga zubin ₦5,000 na wani mai sayar da atamfa ya shiga sau biyu, daƙiƙa 9 tsakani. Ta yi daidai da ta ƙi sa hannu, domin ƙin nan nata ne ya sa muka farga da wuri.

Idan sabis ya ɗauke a daidai lokacin da ejan ya danna tura zubi, manhaja takan sake turawa da kanta. Kowane zubi yana da lambar shaida guda, wadda rumbunmu ke dubawa ya ce wannan ai na riga na karɓa. Sabuwar manhajar tana ƙirƙiro wata lambar a turawa ta biyu, sai rumbun ya ɗauka sabon zubi ne. Shi ya sa abin ya fi yawa a cikin layukan Kwari da rumfunan Dawanau, inda sabis ke zuwa yana tafiya.

Cikin zubi 1,960 da suka bi ta sabuwar manhajar, 37 ne suka maimaitu, jimillar ₦214,500. Sashen kuɗi ya gyara 29, sauran 8 za a kammala su kafin a tashi yau, in sha Allahu. Daren jiya mun sa shinge a rumbun: duk zubin da ya zo da ejan ɗaya, asusu ɗaya, adadi ɗaya cikin minti 2, ana riƙe shi sai mutum ya duba. Tun daga lokacin babu wanda ya sake wucewa.

Haɗarin da ya rage, wanda nake so mu dube shi da idon basira, shi ne rabon ƙarshen wata na ranar Litinin. Play Store ba ya mayar da waya tsohuwar manhaja, saboda haka waɗancan wayoyi 41 suna nan da matsalar har gyara ya same su. Shingen yana tarewa, amma yakan riƙe har zubin gaskiya, misali idan ɗan kasuwa ya zuba nasa ya ƙara wani daidai da shi nan take. Gyaran, 3.2.1, ya kammala, ana gwada shi a ƙananan wayoyi ana kashe musu data a tsakiyar turawa. Gobe da safe za mu miƙa shi. Tantancewar Google kuwa ba a hannunmu take ba, takan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Don haka ba zan yi alƙawarin rana ba.

Shawarata ita ce a yi rabon Litinin da tsohuwar manhajar, wadda ejan 371 ke aiki da ita lafiya lau, a ɗage sakin gaba ɗaya zuwa bayan rabo. Ranka ya daɗe Shugaba, amincewarka nake nema kan wannan kafin ƙarfe 12 na ranar gobe. Na san an riga an sanar da kwastomomi sabon tsarin alat, jinkirin kuma ba zai yi wa kowa daɗi ba, amma kuskuren lissafi a ranar rabo ya fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Masu kula da ejan-ejan, don Allah kada a ciri ko kwabo daga kuɗin ejan kan giɓin Litinin ko Talata sai Hajiya ta tabbatar. Kada kuma wani ya goge manhajar ya sake saukewa, domin zubin da bai tafi ba yana ajiye ne a cikin wayar. Kwastoman da ya kira ya ce ya ga alat biyu, a gaya masa gaskiya: zubinsa ɗaya ne, yana nan, za a gyara lissafin a tura masa saƙo.

Zan sake aiko da bayani gobe Alhamis ƙarfe 10 na safe, ko da babu abin da ya sauya. Idan wani abu ya taso kafin nan, kira zan yi.

Na gode.

Jagoran aikin manhaja