Darasi na uku: gwajin yanayin hankali da ƙa'idojin tantance ciwo ta hanyar labaran majinyata

Wannan takarda ta ɗaliban likitanci ce da suka shigo sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku karanta ta kafin zagayen majinyata na Litinin. Labaran da ke ciki an tsara su ne don koyarwa, ba na wani mutum takamaimai ba ne.

Gwajin yanayin hankali shi ne rubuta abin da idonka ya gani, kunnenka ya ji daga majinyaci a zaman da kuka yi yau: shigarsa da motsinsa, maganarsa, yanayin zuciyarsa, tunaninsa ta fuskar tsari da ta abin da ke ciki, ko yana ji ko ganin abin da babu, nutsuwarsa da tunawarsa, sai kuma ko ya gane cewa ba shi da lafiya. Abin da ya faru watan jiya, da abin da matarsa ta ba ka labari, wurinsu tarihin ciwo. Ƙa'idojin tantancewa kuwa suna cikin littattafai biyu: DSM-5 na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Dukansu suna tambayar abu huɗu: alamu nawa, tsawon wane lokaci, sun hana mutum tafiyar da rayuwarsa ko ba su hana ba, sannan ko akwai ciwon jiki ko wani abin sha da zai iya jawo su. Kuskuren da na fi gani wurin ɗalibai shi ne garajen sa wa ciwo suna tun ba su gama kwatanta mutumin da ke gabansu ba.

Labari na farko

Wata malamar makaranta ce mai shekara 42, ƙanwarta ta kawo ta. Mako shida ke nan ta daina zuwa aiki. Ta shigo a hankali, kanta a sunkuye, tufafinta da tsabta amma ta rame a cikinsu. Sai an yi tambaya an jira kafin ta amsa, muryar ma da ƙyar ake ji.

"Malama, yaya kike jin zuciyarki a 'yan kwanakin nan?"

"Babu daɗi, likita. Komai ya fita raina."

"Barci fa?"

"Ƙarfe uku na dare nake farkawa, shi ke nan har gari ya waye."

"Kin taɓa jin cewa gara mutuwa da wannan halin?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Na zame wa yarana kaya. Da babu ni da sun huta."

A takarda za ka rubuta: motsi da magana sun yi nauyi, ba ta haɗa ido, da bakinta ta ce "babu daɗi", fuskarta kuma ta gaskata hakan, ba ta saki ba ko da aka ambaci 'ya'yanta, tunaninta a jere yake, amma cike da ganin laifin kai da tunanin mutuwa, ba ta jin muryoyi, ta san wuri da rana, da aka ce ta riƙa cire 7 daga 100 ta ce 93, 86, ta tsaya ta ce ba za ta iya ba. Ka lura an raba abin da ta faɗa game da zuciyarta da abin da kai ka gani a fuskarta. A nan sun dace, amma akwai majinyatan da za su ba ka labarin baƙin ciki suna dariya, wannan saɓanin kuma alama ce mai zaman kanta.

DSM-5 na neman alamu biyar cikin tara, kusan kullum, na aƙalla mako biyu, kuma dole ɗaya ta kasance baƙin ciki ko rashin jin daɗin abin da a da ake jin daɗinsa. Sauran bakwai su ne canjin cin abinci ko nauyin jiki, matsalar barci, nauyin motsi ko rashin zama wuri ɗaya, kasala, ganin rashin amfanin kai ko laifi, rashin tattara hankali, da yawan tunanin mutuwa. ICD-11 biyar cikin goma yake nema, don ya ƙara yanke ƙauna. Ku ƙirga nata da kanku, za ku ga ta wuce biyar. Amma kafin ka rubuta ciwon tsananin damuwa, tambayi ƙanwar ko an taɓa ganin ta cikin wani lokaci na zumuɗi da rashin barci ba tare da gajiya ba. Idan an taɓa, ciwon ya koma baifola, mai kai-komo tsakanin damuwa da zumuɗi, maganin ma ya canja, domin maganin damuwa shi kaɗai na iya tunzura maniya, wato wannan zumuɗin idan ya tsananta. A duba jininta da ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro. Tambayar kashe kai kuwa ba a tsallake ta don kunya. Yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin, kuma bayan amsa irin tata sai ka ci gaba: ta tsara yadda za ta yi, ta tanadi wani abu, ta taɓa gwadawa?

Labari na biyu

Ɗalibin jami'a mai shekara 23, kwana tara yana barcin awa biyu kawai, yana tashi garau. Ya kashe kuɗin makarantarsa a kan wani kamfani da ya ce zai kafa. Tun kafin ka zauna ya karɓe zancen:

"Likita, kai ma zan ɗauke ka aiki, albashi ninki goma, goma ta gaba da tara, tara mutane nake yi, kawo biro in sa hannu."

Magana tana kwarara, ba ta katsuwa. Tunani na tsalle daga wannan zuwa wancan, amma idan ka bi a hankali za ka ga igiyar: "goma" ta jawo "tara", "tara" ta lamba ta jawo tara jama'a. Wannan gudun tunani ne. A DSM-5, maniya na bukatar mako guda na ɗagawar yanayin zuciya ko saurin fushi tare da ƙaruwar kuzari, ko ƙasa da mako idan har ta kai ga kwantarwa a asibiti, da alamu uku cikin bakwai, huɗu idan fushi ne kawai. Ƙaramarta, haifomaniya, kwana huɗu ne, kuma ba ta rushe rayuwa haka. A gwada fitsarinsa don ƙwayoyi masu sa kuzari, a tambaya ko yana shan maganin sitiroyid.

Labari na uku

A nan ne nake so ku fi daɗewa. Matashi mai shekara 26, mahaifinsa ya ce wata takwas da suka wuce ya fara janye jiki, ya bar aikinsa, ya rage wanka. Wata biyu ke nan yana rufe tagogi da jarida. A zaune yake shiru, fuska ba motsi, lokaci-lokaci yana karkata kai gefe kamar mai saurare.

"Malam, na ga kana waiwaye. Akwai abin da kake ji?"

"Su biyu ne. Ɗaya ya ce, ga shi ya zauna. Ɗayan ya ce, bai san mun gan shi ba."

"A cikin kanka kake jin su, ko da kunne?"

"Da kunne, kamar yadda nake jin ka. Kuma maƙwabcina yana zuba mini tunani ta wayar lantarki. Ba nawa ba ne."

"Zai yiwu rashin lafiya ce ke sa ka ji haka?"

"Lafiyata ƙalau. Ku je ku kama shi."

Rubuta kalamansa yadda ya faɗe su. "Yana da ruɗani" ba ta gaya wa likitan da zai karanta bayanka komai. Abin da ke nan shi ne muryoyi biyu da ke zance a kansa, ana jin su daga waje. Kafaffen zato cewa ana cutar da shi, wanda hujja ba ta girgiza shi. Da imanin cewa ana cusa masa tunanin da ba nasa ba. Kurt Schneider, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Jamus, ya sa muryoyin da ke tattaunawa da cusa tunani cikin alamun sahun farko na sikizofireniya, sai dai yanzu an san ana samun su a wasu cututtukan, har da maniya, don haka ba su isa su yanke hukunci ba. Ka kuma bambanta shi da mai ciwon naci na tunani, wanda zai ce maka, "Tunanin banza ne ke damuna, na san nawa ne, na kasa kore shi." Wancan ya san tunanin daga kansa ya fito, wannan ya ce daga maƙwabci.

Wani abin lura: imani ba ya zama alamar ciwo don kawai likita bai yarda da shi ba. Idan mutanen da majinyaci ya tashi cikinsu sun yarda da abu, ka tambayi danginsa ko abin da yake faɗa ya yi musu daidai. Sau da yawa su ne za su fara cewa, "A'a, wannan kam ya wuce abin da muka sani."

DSM-5 na neman biyu cikin biyar na tsawon wata guda: kafaffen zato, jiye-jiye ko gane-gane, wargajewar magana, wargajewar ɗabi'a ko sandarewa, da alamun ragi irin su mutuwar fuska da rashin himma. Dole ɗaya ta fito daga ukun farko, kuma ciwon gaba ɗaya ya kai wata shida, har da lokacin janye jikin. ICD-11 wata guda ya ishe shi. Da matashin nan ya zo da tarihin mako bakwai kacal, littafi ɗaya zai kira ciwon sikizofireniya, ɗayan ya ce a dakata. Saboda haka ka riƙa rubuta littafin da ka bi. A ganina jinkirin DSM-5 na da amfani ga sabon likita, don suna ne mai nauyi, idan ya shiga fayil da wuya ya fita.

Labari na huɗu

An kira ka ɗakin kwantar da majinyatan tiyata don dattijo mai shekara 71, kwana biyu bayan aikin ƙashin ƙugu. Takardar kiran ta ce "taɓin hankali". Da dare ya fizge robar ƙarin ruwa yana cewa ƙwari na hawa gadonsa, da safe kuma ya yi hira lafiya.

"Baba, ina muke yanzu?"

"A tasha mana. Motar ba ta zo ba?"

Ka ce ya jero ranakun mako daga Asabar zuwa baya, ya faɗi biyu, ya yi gyangyaɗi. 'Yarsa ta ce kafin aikin shi ke riƙe lissafin gidansa. Farawa cikin awoyi ko kwanaki, hawa da sauka a yini guda, rashin iya tsayar da hankali, gane-gane da ido: wannan diliriyom ne, ruɗewar da ciwon jiki ke jawowa, kuma na gaggawa ne. A auna zafin jiki, iskar oksijin, sukari, gishirin jini da fitsari, a duba magungunan da ake ba shi. A tambayi 'yar, a keɓe, ko yana shan giya, domin ruɗewar daina ta kan taso ne kwana biyu zuwa uku bayan kofin ƙarshe. Ciwon mantuwar tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru, ko da yake mai shi ya fi kowa saurin faɗawa diliriyom.

Aikin gida

Wata mata mai shekara 30 ta zo sashen gaggawa sau uku cikin wata biyu da bugun zuciya, gumi, sarƙewar numfashi da tsoron mutuwa, abin yana kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna. Gwajin zuciya bai nuna komai ba. Yanzu ta daina fita ita kaɗai don gudun kada ya same ta a hanya. A gabanka tana zaune a tsorace, maganarta a jere, ta ce, "Likita, ko dai haukacewa zan yi?" Rubuta gwajin yanayin hankalinta a layi goma, ba tare da ambaton sunan ciwo ba. A ƙasa ka kawo ciwon da kake zato, ƙa'idar lokacin da ta cika, cututtukan jiki biyu da za ka kawar, da amsar da za ka ba tambayarta da kalmomin da za ta fahimta. A miƙa ranar Litinin kafin ƙarfe takwas na safe.