Takardar Farashi da Neman Kwangilar Kawo Bencina da Kayan Aji

Layin 'Yan Katako, Na'ibawa, Kano
Litinin, 14 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudanarwa,
ta hannun Malam Hedimasta,
Makarantar Firamare da Islamiyya ta Al'umma, Kumbotso.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran 'yan kwamiti, na rubuto ne game da sanarwar da kuka liƙa a ƙofar makaranta, cewa kuna neman wanda zai kawo bencina 120, teburan malamai takwas da farin allo takwas kafin a koma karatu a watan Satumba. Ni kafinta ne, shekarata 17 da buɗe shago a Na'ibawa, ina da yara shida da mai walda ɗaya da muke aiki tare. Ina neman ku ba ni wannan aiki.

Ranar Alhamis da ta wuce na zo makarantar, Malam Hedimasta ya sa maigadi ya buɗe mini azuzuwa takwas ɗin da kuma sito. Na auna kowane aji, na kuma ɗaga tsofaffin bencinan da aka jibge a sito ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani shi ya sa lissafina ya ɗan saɓa da sanarwarku: ba sai kun sayi sababbi 120 ba. A cikin tsofaffin akwai 34 da ƙarfensu lafiya lau yake, katakon sama ne kawai ya tsage ko gara ta cinye. Waɗannan in an sake musu katako, an ƙara walda a inda ya saki, an yi fenti, za su yi aiki kamar sababbi. Na sa musu alama da alli domin ku duba da idonku. Sauran kam sun gama yawo, bututunsu ya ruɓe daga ƙasa, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Don haka shawarata a yi sababbi 86, a gyara 34, adadin da kuke so ya cika, yara 360 su sami wurin zama, uku uku a benci.

Ga farashin:

1. Benci haɗe da tebur na 'yan aji ɗaya zuwa uku, guda 40, kowanne ₦46,000: ₦1,840,000
2. Benci haɗe da tebur na 'yan aji huɗu zuwa shida, guda 46, kowanne ₦52,000: ₦2,392,000
3. Gyaran tsofaffin bencina, guda 34, kowanne ₦14,500: ₦493,000
4. Teburin malami mai durowa da makulli, haɗe da kujerarsa, guda 8, kowanne ₦68,000: ₦544,000
5. Farin allo mai ƙafa takwas a tsawo da huɗu a faɗi, har da kafa shi a bango, guda 8, kowanne ₦38,000: ₦304,000
6. Kuɗin mota sawu uku, da lodi da saukewa: ₦120,000

Jimla: ₦5,693,000 (naira miliyan biyar da dubu ɗari shida da casa'in da uku).

Da sababbi za a yi a madadin 34 ɗin nan, da sun ci ₦1,768,000. Gyaran ya rage wa makaranta ₦1,275,000. Ban ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan jimlar ba, domin cinikin shagona bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, kuma Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa irinmu karɓarsa. Abin da ke rubuce a sama shi ne abin da za ku biya, babu wani ƙari da zai ɓullo daga baya.

Na san za a kawo muku takardun da farashin bencinsu bai kai nawa ba, wataƙila da ratar dubu takwas ko goma. Ina roƙon kwamiti, kafin a yanke hukunci, a tambayi kowannenmu abu biyu: kaurin bututun da zai yi amfani da shi, da kuma irin katakon da ranar da aka yanko shi. A nan duk bambancin kuɗin yake ɓoye.

Bututun da zan sa mai kusurwa huɗu ne, inci ɗaya, kaurin milimita 1.5, daga Kasuwar Ƙofar Ruwa zan saro shi. Akwai mai kaurin da bai kai milimita ɗaya ba, kuma in an shafa fenti ido ba ya bambance su, sai hannu in an ɗaga. Siririn ba ya riƙe walda sosai, wuta tana huda shi, kuma yara uku in suka jingina baya suna lilo da benci, wata biyu ya isa ƙafar ta karkace. Mafi yawan waɗanda na ce a sayar wa 'yan gwangwan irinsa ne. Kafin fenti za mu shafa jan fentin hana tsatsa, sa'annan baƙi sau biyu, a kuma toshe ƙasan kowace ƙafa da roba, saboda na lura ana wanke daɓen azuzuwanku da ruwa, kuma ta nan ruɓewar take farawa.

Katako kuwa afara zan sa, mai kaurin inci ɗaya. Obece ya fi araha kuma ya fi sauƙin aiki, amma yana da laushi, yaro da biro ma sai ya huda shi, ga shi ƙwari suna son sa. Sai dai abin da ya fi irin katako muhimmanci shi ne bushewarsa, musamman a aikin da za a yi cikin Agusta. Katakon da ake saukewa daga kudu a wannan lokaci da ruwansa yake zuwa. In aka goge shi aka ɗaura, ranar kawowa zai yi kyau ƙwarai, kowa ya yaba. Da zarar hunturu ya shigo iska ta bushe, sai ya tsuke, ya banƙare, bakin haɗi ya buɗe har a zura yatsa. Wannan ya taɓa faruwa da ni a farkon buɗe shagona. Na yi wa wata makaranta bencina 25 da ɗanyen katako saboda gaggawa, kafin Janairu rabinsu sun tsage, na sake su da kuɗina. Tun daga nan nake sayen katako da rani in jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa. Wanda zan yi muku aiki da shi tun watan Maris yake jere a bayan shago, ya kuma isa aikin gaba ɗaya. Kowane falanki za a shafe shi da maganin gara kafin banish, kuma da noti za a ɗaure shi a jikin ƙarfe, ba da ƙusa ba, domin in ɗaya ya lalace nan gaba a kwance shi kaɗai a sauya.

Girman benci biyu na yi da gangan. A aji ɗaya na tarar da yara a kan bencin manya, ƙafafunsu na reto, tebur ya kai musu ƙirji, suna rubutu kafaɗa a ɗage. Na ƙanana zai zama ƙafa huɗu a tsawo, mazauni inci 13 daga ƙasa, tebur inci 22. Na manya ƙafa huɗu da rabi, mazauni inci 16, tebur inci 26. Duka suna da wurin ajiye jaka a ƙarƙashin tebur, kuma tunda da yamma 'yan Islamiyya ne ke shiga azuzuwan, na faɗaɗa wurin yadda Alƙur'ani zai shiga a kwance ba tare da an ajiye shi a kan mazauni ba. Za a goge kusurwoyi su zama masu lanƙwasa saboda hijabin yara mata da goshin masu guje-guje.

Teburan malamai da alluna ba su da wani dogon bayani. Allon za a kewaye shi da firam na alminiyom, a kafa shi a bango da noti shida.

Game da lokaci: in kuka amince zuwa Litinin 28 ga Yuli, a ranar zan kwashe tsofaffin 34 zuwa shago. Ranar 18 ga Agusta zan dawo da su a gyare tare da bencinan ƙanana 40. Ranar 1 ga Satumba sauran kayan duka za su iso, mu kafa alluna, mu jera kowane aji. Muna da janareta a shago, rashin wuta ba zai tsayar da walda ba. In na wuce 1 ga Satumba ba tare da wani dalili daga ɓangarenku ba, a cire ₦20,000 daga kuɗina a kan kowace rana. Farashin nan yana nan daram har 28 ga Yuli. Bayan nan sai na sake tambayar kuɗin ƙarfe a kasuwa, domin shi ba ya zama wuri ɗaya.

Biyan kuɗi kashi uku nake roƙo, duka ta asusun banki mai sunan shago, da rasit a kan kowanne. Kafin alƙalami kashi 60, wato ₦3,415,800, wanda zai tafi a ƙarfe, fenti, alluna da sallamar yara. Kashi 30, wato ₦1,707,900, bayan an kawo kaya kwamiti ya ƙirga ya gamsu. Ragowar kashi 10, wato ₦569,300, ku riƙe shi a hannunku har ƙarshen Janairun 2026, lokacin da hunturu ya gama gwada katakon. In a lokacin an sami falankin da ya tsage ko waldar da ta saki, sai na gyara kafin ku sallame ni. Bayan haka ma, har shekara guda daga ranar kawowa, duk abin da ya lalace saboda aikinmu gyaransa a kaina yake. A kowane hutun zango kuma zan turo yaro ya zagaya azuzuwa ya ɗaure notin da ya kwance, kyauta.

Na haɗo da kwafin takardar rajistar sunan shago ta hukumar CAC, da lambar biyan haraji, da takardun shaida daga makarantu biyu da na yi wa irin wannan aiki a 2022 da 2023, da izinin shugabanninsu cewa kuna iya zuwa ku ga yadda bencinan suke a yau. Lambar wayata tana jikin hatimin da ke ƙasan takardar nan.

Na kuma riga na haɗa benci ɗaya na gwaji, na manya, na bar gefe guda ba fenti domin a ga kaurin bututu da yadda waldar ta zauna. In Malam Hedimasta ya ba da izini, zan kawo shi ranar Asabar kafin zamanku, a ajiye shi kusa da na duk wanda ya kawo nasa, 'yan kwamiti su ɗaga, su zauna, su jijjiga. Wanda kuma yake son ganin katakon da ke jere, shago a buɗe yake kullum daga ƙarfe takwas na safe zuwa magariba, ban da Juma'a da muke tashi da sha biyu.

Allah ya ƙara wa makaranta albarka, ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi wa yaranmu.

Wassalam.

Naku,
Mai shago kuma shugaban aiki,
Layin 'Yan Katako, Na'ibawa, Kano.