Takardar Tabbatar da Fayil ɗin Albashin Watan Yuni 2025 Kafin a Ɗora Shi a Banki

Daga: Mai binciken kuɗi na cikin gida
Zuwa: Shugaban Sashen Kuɗi
Rana: Laraba, 25 ga Yuni, 2025

Ranka ya daɗe,

Na kammala gwada fayil ɗin biyan albashi da jadawalin da Manajan Darakta ya sa wa hannu ranar Litinin. Fayil na biyu, albashi_yuni_2025_v2.csv, ya yi daidai da jadawalin, kuma shi kaɗai na amince a ɗora. Na farko, wanda akawun albashi ya kawo min jiya, ina roƙon a goge shi daga kwamfuta don kada wani ya ɗauke shi bisa kuskure.

Jadawalin yana ɗauke da ma'aikata 146. Jimillar albashi kafin a cire komai Naira 24,380,500 ce. An cire Naira 3,912,740 na haraji, fansho da bashin adashin ma'aikata, abin da zai shiga asusun mutane ya zama Naira 20,467,760. Fayil ɗin banki shi ma layi 146 ne, jimillarsa Naira 20,467,760, babu bambancin ko kwabo.

Abin da nake so ka lura da shi, ranka ya daɗe, shi ne fayil na farko ma haka jimillarsa ta fito cif. Da a nan na tsaya, da mun biya kuɗin wani a asusun wani. Muna da ma'aikata biyu masu suna ɗaya, direba mai lamba 047 da akawun sito mai lamba 112. An jera fayil ɗin bisa suna, sai kuɗinsu ya sauya wuri: direba aka rubuta masa Naira 152,750, akawun sito kuma Naira 98,400. Jimilla ba za ta taɓa nuna irin wannan ba, tunda abin da ya ƙaru a nan shi ne ya ragu a can. Kuma kuɗi in ya riga ya faɗa asusun mutum, dawo da shi sai da lallami da takardu, alhali ɗan'uwansa na can yana jiran cefane. Shi ya sa na bi layi-layi da lambar ma'aikaci, ban dogara da suna ba:

```
=D2-VLOOKUP(A2,Jadawali!A:H,8,FALSE)
=LEN(C2)
=COUNTIF(C:C,C2)
```

A fayil na biyu, lissafin farko, wato bambancin kuɗi, ya ba da 0 a kowane layi, na biyu, wato yawan alƙaluman lambar asusu, ya ba da 10, na uku, wato sau nawa lambar asusun ta fito, ya ba da 1.

Kuskure na biyu na lambobin asusu ne. Lambar NUBAN alƙaluma 10 ce, amma a layuka 11 na fayil na farko na tarar da 9. An buɗe fayil ɗin CSV a Excel aka sake adana shi, sifilin farko ya faɗi. Haka ya faru da lambobin bankuna masu farawa da sifili, 011 ta koma 11, 058 ta koma 58. An gyara duka daga takardun asusu da ke fayil ɗin kowane ma'aikaci. Ni kaina a kan kwafi na yi aikina, na shigo da lambobin Excel a matsayin rubutu don kada sifilin ya faɗi, ban taɓa ainihin fayil ɗin ba.

Na tantance sunan da ke kan kowane asusu ta shafin bankinmu. Guda huɗu sun nuna sunan mahaifi kafin sunan yanka, wannan ba matsala ba ce. Ma'aikaciya mai lamba 089 kuwa an sa mata sabon asusu bisa saƙon WhatsApp da aka ce ita ta turo, ba tare da fom mai sa hannunta ba. Na sa an mayar da tsohon asusunta. In da gaske ita ce, ta zo ofis ta cike fom, sai a canza a watan Yuli. Mutum biyun da suka bar aiki a watan Mayu ba sa cikin jadawali, ba sa cikin fayil.

Na ɗauki hatimin fayil ɗin da ƙarfe 11:20 na safe:

```
certutil -hashfile albashi_yuni_2025_v2.csv SHA256
```

Sakamakon ya ƙare da 9c41e7b2. Mai ɗorawa ya sake buga wannan umarni kafin ya ɗora. In bai ga waɗannan alƙaluman ba, an taɓa fayil ɗin bayan bincikena, kada ya ɗora, ya kira ni. Kai ma, ranka ya daɗe, lokacin da banki ya nuna maka taƙaitaccen bayani kafin ka danna amincewa, ka duba ka ga mutum 146 da Naira 20,467,760.

Kuɗin fansho ba sa cikin wannan fayil. Doka ta ce a tura su cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi, harajin PAYE kuma kada ya wuce 10 ga Yuli. Zan duba jadawalinsu ranar Juma'a, in Allah ya kai mu.

Na gode.

Mai binciken kuɗi na cikin gida